Katin Mai Barkwanci

Tun tana 'yar firamare wani malamin lissafi ya raɗa mata suna Rediyo, wai ko batir aka cire mata ba za ta yi shiru ba. Sunan ya bi ta gidan miji, ya bi ta wurin aiki, da girma ya zo aka ƙara masa Anti a gaba. Gidansu gidan yawa ne, kuma a irin wannan gida yaro ko ya iya kuka ko ya iya ban dariya, in ba haka ba a manta da shi. Ita ban dariyar ta zaɓa. In babansu ya ɗauko bulala sai ta kwaikwayi yadda yake ciniki da mahauci, ya ajiye bulalar yana riƙe da ciki.

Ta auri tela, mutum shiru-shiru wanda kan wuni da allura a baki. Takan ce aurensu rabon aiki ne, shi ya ɗinke, ita ta farke. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu. Da ƙaramar ta shiga makaranta, Anti Rediyo ta samu aikin sayar da tikiti a wani kamfanin motocin safa masu dogon zango.

Taga ta uku ce tata. Gilashi ne mai 'yar kafa a tsakiya, da fanka mai juya kai tana ƙara kamar tana ƙin abin da ake faɗa, sai bencuna na ƙarfe a gabanta inda fasinjoji ke zama da jakunkunansu tsakanin ƙafafu. A nan ta yi shekara kusan ashirin. In dattijo ya leƙo a fusace ya ce, "Wai yaushe motar nan za ta tashi ne?" sai ta ce, "Baba, tashi kuma ai sai jirgi. Tamu dai za ta tafi, in direba ya gama sallama da amaryarsa." Sai benci ya ɗauki dariya, shi ma dattijon ya koma ya zauna yana girgiza kai. Amma kafin ta buɗe baki takan dubi fuska. Wanda ya zo da jajayen idanu ba jaka, yana neman kowace mota ce ta fi kusa tafiya, tikiti kawai take miƙa masa, ta ce Allah ya kai lafiya.

Mai kamfanin, wanda kowa ke kira Oga, tsohon direba ne. Hannun jarirai gare shi, ga faɗa kamar zakara. Sai dai duk ranar da motarsa ta yi hatsari, shi ne na farko a asibiti, ko hula bai tsaya sakawa ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ɗansa ya hau kujerar. Wannan ɗa Anti Rediyo ta san shi tun yana zuwa da kayan makaranta yana ɓuya ƙarƙashin teburinta in babansa na nemansa. Yanzu ya zama Ƙaramin Oga, kuma abin da ya fara cewa shi ne kamfanin ba shi da fuska.

Ya ɗauko wani kamfanin talla. Suka turo wata matashiya mai tabarau, sa'ar babbar 'yar Anti, wadda ma'aikata suka sa wa suna Mai Katuna tun ranar farko. Aka tara mutum ɗaya daga kowane sashe a ɗakin taro na sama: shugaban gareji da baƙin mai a farcensa, akanta, wani direba da ake kira Dogo, da Anti Rediyo a madadin masu tikiti.

Mai Katuna ta baza katuna goma sha biyu a kan tebur, kowanne da hoto da suna. Ta ce waɗannan halaye ne da ake samu a labaran mutane ko'ina, shi ya sa kowa ke gane su nan take. Ga Jarumi, ga Sarki, ga Masani, ga Mai Kula wanda ke ɗawainiya da wasu kamar uwa, ga Ɗan Tawaye, ga Na Kowa, ga Mai Barkwanci, da sauransu. Kowanne da abin da yake so, da abin da yake tsoro, da kuma inda yakan yi tuntuɓe. In kamfani ya ɗauki ɗaya ya riƙe, sai tallarsa da launinsa da yadda yake amsa waya su zo da murya ɗaya, mutane su ji kamar sun san shi.

"To," in ji ta, "a ce kamfanin nan mutum ne, ya turo ƙofar nan ya shigo. Wa kuka gani?"

Dogo ya ɗauki Jarumi, ya ce duk wanda ya san hanyoyin da suke bi da damina ba zai yi musu ba. Akanta ya ɗauki Sarki. Shugaban gareji ya daɗe yana jujjuya katunan, sannan ya ce shi bai ga nasa ba.

"Wanne kake nema, Baba?"

"Na marowaci."

Aka yi dariya, ban da Ƙaramin Oga. Anti Rediyo ta ce ita kam in kamfanin ya shigo, mutum huɗu za ta gani sun maƙale a bakin ƙofa, kowa na cewa shi ne gaba.

Mai Katuna ba ta yi dariya ba, rubutawa ta yi. Ta ce gaskiya Anti ta faɗa, kowane kamfani haka yake. Katin ba hoton kamfani ba ne, zaɓi ne na muryar da zai yi wa jama'a magana da ita, kuma dole a zaɓi wadda ke da tushe a cikin gida, in ba haka ba ta zama rigar aro.

Bayan 'yan makonni ta dawo da sakamako. Babban abokin gogayyarsu ya riga ya kama Mai Kula, duk tallarsa a kan tsaro take. Wani kuma ya kama Sarki, da kujeru masu kwanciya da labule. Ta zauna a bencin tasha ta yi hira da fasinjoji, ta tambaye su me suke tunawa da wannan kamfani. Ba mota suka ambata ba, ba farashi ba. Matar nan ta taga ta uku suka ambata. Saboda haka ta ba da shawarar Mai Barkwanci, da ɗan Na Kowa a gefe don kada wasan ya zama na raini. Ta juya bayan katin ta karanta musu rauninsa: in ya yi wasa inda ba wurin wasa ba, sai a ɗauka bai damu da kowa ba. Ta ce don haka akwai kashi na biyu na aikin, wato tsara yadda kamfani zai yi magana ranar da abu ya ɓaci, da wanda zai kashe wasan, da lokacin da zai kashe shi.

Ƙaramin Oga ya ce, "Wannan sai daga baya. Kada mu yi wa kanmu mugun baki."

Aka hau da Anti Rediyo sama. Aka ba ta tebur kusa da taga mai kallon inda motoci ke lodi, da kwamfuta, da muƙamin da ita kanta ba ta iya faɗa sai ta yi dariya. Ita ke rubuta maganganun da ake mannawa a bayan motoci, waɗanda aka yi wa sabon fenti ruwan ɗorawa. Ita ke rubuta saƙonnin da na'ura ke tura wa fasinjoji. Aka kai ta ɗakin ɗaukar murya, ta yi gaisuwar da mai kira ke ji kafin a ɗauka: ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Ka kira a sa'a, duk muna nan, ko ɗaya bai gudu ba. Riƙe wayar, kada ka riƙe mu a zuci."

Kada a rage mata komai, ta ji daɗin wannan zamani fiye da kowane a rayuwarta. Abin da aka yi ta ce mata ta rage tun tana yarinya, yau shi ake biyanta ta yi. Yara a unguwa na haddace maganganun bayan mota. Tela yakan tsayar da keken ɗinki in motar ta gifta, ya nuna wa mai kawo ɗinki da baki, ya ce, "Aikin uwar gidana ne." Fasinjoji suka ƙaru, aka buɗe sabon layi.

Saƙon da ya fi duka farin jini shi ne na isowa. Kowane fasinja yakan bar lambar wani ɗan'uwansa lokacin sayen tikiti, kuma in lokacin isar mota ya yi, sai na'ura ta tura wa ɗan'uwan saƙo. Anti ta rubuta: "Mun kawo muku naku, ko kunne ba mu gutsura ba. Ku zo ku ɗauka kafin mu sa shi a gwanjo." Ranar da ta karanta wa Ƙaramin Oga, sai da ya buga tebur don dariya.

Alamu sun fara tun kafin babban abin. In mota ta makara, saƙon da ke cewa "direbanmu na can yana lallashin injin" ba ya ba kowa dariya a bencin da aka yi rabin wuni ana jira. 'Yan matan da ke amsa waya suka ce ana zaginsu, ana cewa kamfanin ya mai da mutane abin wasa. Anti ta kai maganar ga Ƙaramin Oga, ya ce Mai Katuna ta ce a riƙe murya ɗaya, in ana canzawa kullum ba za a gane su ba. Rabin maganar ya riƙe. Ita ma Anti ba ta matsa ba, don a zuciyarta ba ta so a taɓa mata saƙonninta. A can ƙasa kuwa shugaban gareji na ta hawa bene yana sauka a kan maganar tayoyi, ana ce masa a ƙara lallaɓawa zuwa wata mai zuwa.

Wata ranar Talata da hantsi, motar Dogo na gangara wata gada, tayar gaba ta fashe. Motar ta daki ƙarfen gefe ta faɗa rafi. Dogo bai fito da rai ba, haka wasu daga cikin fasinjojin gaba.

Labarin ya iso ofis wajen azahar. Ma'aikatan tashar da motar za ta sauka duk suka ruga asibiti. Na'urar saƙo ba ta san inda mota take ba, jadawali kawai take bi, sai in wani ya shiga ya soke. Ba a taɓa ɗora wa kowa wannan aikin ba. Da la'asar, daidai lokacin da motar ya kamata ta shiga tasha, saƙon isowa ya tafi ga dangin duk wanda ke cikinta.

Wayoyi suka ɗauki ruri. 'Yan matan suka kasa, ɗaya ta ajiye ta shiga banɗaki tana kuka, Anti Rediyo ta zauna a kujerarta ta ɗauka. Muryar namiji ce, dattijo, a natse.

"Ke ce mai dariyar nan da nake ta ji tun ɗazu?"

Sai a lokacin ta tuna da gaisuwar. Duk wanda ya kira tun azahar, dariyarta ce ta tarbe shi, tana maimaituwa har a ɗauka.

"Ni ce, Baba."

"An kira ni daga asibiti an ce yarona ya cika. Makaranta zai koma. Ina tsaye ina neman takalmina sai ga saƙonku, wai kun kawo min nawa, in zo in ɗauka. Sai na ce ko asibitin ne suka yi kuskure. Na gaya wa uwarsa kuskure ne, har ta tashi zaune. 'Yata, wanne ne gaskiya?"

Ta duba sunan a jerin da aka turo daga asibiti. Yana nan. Ta gaya masa. Bai zage ta ba, ya ce, "To," ya kashe.

Kafin gari ya waye hoton saƙon ya zaga wayoyin mutane, an jera shi gefe da gefe da hoton motar a cikin ruwa, maganar barkwancin bayanta na karantuwa sarai. 'Yan jarida suka cika bakin ƙofa. Ba wanda ya fito ya je asibiti daga cikin shugabannin kamfanin, lauya ya ce a dakata tukuna.

Bayan kwana biyu Ƙaramin Oga ya kira ta ofishinsa. Bai ce ta zauna ba, shi ma bai zauna ba.

"Anti, kin san irin girman da nake ba ki. Amma mutane na neman wanda ya rubuta."

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta. Kai ka buga tebur ka ce ya fi duka."

"Ba a kan wannan muke ba yanzu."

"Tayar fa? Ita ma ni na rubuta ta?"

Ya juya ya dubi taga. Ya ce za a ba ta haƙƙinta cif, ba za a ambaci sunanta ba. Da yamma sanarwa ta fita, cewa wata ma'aikaciya ta tura saƙon da ya saɓa wa ɗabi'un kamfani, kuma an sallame ta. Sunan ba a buƙatarsa. Duk wanda ya taɓa kiran layin ya san muryar.

Ta kwashe kofinta da sallayarta da hoton jikarta a leda ɗaya. Da ta sauko ta bi ta gaban taga ta uku, yarinyar da ke ciki ta sunkuyar da kai tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Watanni ta yi ba ta fita sai dole. A kasuwa wata mata ta ji tana tambayar farashin sabulu, ta juyo ta ƙare mata kallo, ta ja 'yarta suka matsa. Daga baya tela ya sa mata kujera a shagonsa, tana saka maɓalli tana guga. A nan Mai Katuna ta same ta wata rana da safe. Ta tsaya a bakin ƙofa tsakanin rigunan da aka rataye, sai da tela ya kwashe ƙyallaye daga kan benci ya ce ta zauna.

"Anti, na daɗe ina son zuwa, kunya ta hana ni."

"Ke me kika yi? Ai kin faɗa. Ina wurin."

"Na faɗa sau ɗaya, aka ce a bari, na bari." Ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi. "Kuma ba shi ne babban kuskuren ba. Na tambayi fasinjoji wane ne kamfanin, suka siffanta min ke. Ni kuma na ɗauki halinki na rubuta sunan kamfani a kai. Ke kina ganin fuskar mutum kafin ki yi magana. Na'ura ba ta gani."

Anti ta ci gaba da guga.

"Katunan nan don mutumin cikin labari aka yi su, mai zuciya ɗaya da buri ɗaya," in ji Mai Katuna. "A talla suna aiki, ban fasa cewa suna aiki ba. Amma kamfani, mai rubuta saƙo daban, mai sayen taya daban, mai hana a saya daban. Katin yana gaya maka yadda za ka yi magana. Ba ya gaya wa kowa abin da za ka aikata."

"Yanzu wanne suka ɗauka?"

"Mai Kula. Sun neme ni in yi musu, na ce a fara nuna min gareji. Sai suka ba wasu."

Anti ta kife dutsen guga a kan ƙarfensa. "A cikin sha biyun nan naki, akwai na wadda ake shafa wa kashin kaji?"

"Babu, Anti."

"To a ƙara. Kowane kamfani na da ita, gara ta san katinta tun da wuri."

Mai Katuna ta buɗe baki kamar za ta yi dariya, ta dubi fuskar Anti, ta fasa. Ta ce akwai wani kamfanin lemo da ke neman mai rubuta musu irin wannan, ba sai an san ko wace ce ba. Anti ta ce ta gode, abin ya bar ta. Ba fushi ba ne, in ji ta, sai dai duk maganar da ta zo mata baki yanzu, sai ta ji yadda za ta yi sauti a kunnen wanda ke neman takalminsa.

Ba a jima ba motocin suka fito da koren fenti, da hoton wata mata tana lulluɓe yaro mai barci, an rubuta "Kamar a hannun uwa." Sabuwar muryar waya mai taushi ce, tana cewa lafiyarku ita ce gaba da komai. Shugaban gareji ya ajiye aiki a cikin shekarar. Ya biyo ta shagon ya kawo ɗinkin wando, ya ce fentin ya yi kyau ƙwarai, har ƙarƙashin mota aka fesa. Matar Dogo kuwa ta koma gidan yayanta da yaran.

Tsohon Oga ya rasu bai san yawancin abin da ya faru ba, don an hana a gaya masa. Anti ta je gaisuwa, ta zauna can baya cikin mata. Ƙaramin Oga ya hango ta lokacin da take fita, ya ɗaga mata hannu daga nesa.

Rahoton hukumar kiyaye haɗurra ya fito bayan fiye da shekara. Ya ce tayar ta wuce wa'adinta, kuma an sanar da shugabannin kamfanin tun kafin hatsarin. Jarida ɗaya ta buga shi a shafin ciki, ƙarƙashin tallar katifa. Tela ya sayo ya karanta mata a hankali yana bin layi da yatsa, ya ce ya kamata a kai wa mutanen unguwa su gani. Ta ce ya bari, ba wanda ke tura wa ɗan'uwansa hoton taya. An ci kamfanin tara, ya biya, ya buɗe wani sabon layin kafin ƙarshen shekara.

Har yanzu tana shagon. Tsayuwar guga ta sa mata ciwon ƙugu, idon tela kuma ya fara rauni, ita ke zura masa zare a allura. Ƙaramar 'yarsu na ta roƙo su rufe shagon su koma wurinta da zama, akwai ɗaki. Tela ya ce shi duk yadda uwar gida ta ce. Ita kuwa ta ce a bari ta yi tunani.